Naman Cokali Guda

A gidanmu maza ba su cin abinci a ciki. Tun kafin a kawo ni amarya, ƙofar gida suke ci, gindin bedi, a faranti guda babba mai lanƙwasasshen baki. Kowace mai ɗaki za ta zuba nata tuwon, a haɗa a fitar, wan mijina ya zauna a tsakiya ya ce bismilla, sannan hannuwa su shiga. Da mijina ya rasu, ɗana na fari ya gaji wurin zaman ubansa, gefen dama, kusa da saiwar da ta fito waje. Ban taɓa ganinsa zaune a wurin ba, don mata ba su leƙawa, amma ɗakina yana jingine da zaure, kuma katangar ba ta da kauri. Nakan ji muryarsa cikin muryoyin maza, in ci gaba da tankaɗe kamar ban ji ba.

Ɗan fari ne, saboda haka ban taɓa kiran sunansa ba, kuma ba za ni fara a takarda ba. A wurinmu uwa ba ta yabon ɗan fari, ba ta tsaya mishi in ana faɗa, ko kallonsa ba ta cika yi ba in da mutane. In ya yi abin kirki sai ta kau da kai. In an zalunce shi ma sai ta kau da kai. Wan mijina ya san wannan sarai, kuma da shi ya dogara.

Yaron ɗan kokawa ne. Manomi ne kamar kowa, gero da dawa, amma da an ɗaure damma sai ka gan shi bayan gari yana ɗaga gwangwanayen da ya cika da siminti ya soka musu ƙarfe. Ƙanena, wanda ke kai kaya tsakanin kasuwanninmu da Nijar, shi ya kawo mishi wata farar roba daga wani babban shagon magani a Sakkwato. A ciki akwai farin gari mai laushi kamar na rogo, ba wari, ba wani ɗanɗano, da ɗan cokalin roba da bai kai kan babban yatsa ba. Sunan abin kiriyatin. Kullum da safe yakan ɗebi cokali guda ya kaɗa a ruwa ya sha. Ni kaina da farko hankalina bai kwanta ba, don na ga abin da ƙwayoyi sunka yi wa ’ya’yan mutane. Na sa ido. Ban ga idonsa ya canza ba, ban ga ya bar salla ba, barcinsa lafiya. Sai dai ruwan randa da ke saurin ƙarewa, da rigarsa da ta ɗan matse a kafaɗa.

Bayan kaka anka yi kokawa a Gangara. Can ya haɗu da ɗan wan mijina, wanda ya girme shi, wanda kuma tun suna yara shi ke kayar da shi. Rannan abin ya juya. Waɗanda sunka je sun ce ko makaɗa ba su gama zuga ba ɗana ya ɗaga shi ya ajiye a ƙasa, a gaban wan mijina, a gaban surukansa.

Ƙanena mutum ne mai baki. Kashegari ya zo gindin bedi yana ta murna, ya ce garin da ya kawo ne, ya ciro waya ya kunna wani bayani da Hausa don kowa ya ji. Ina ɗaki ina ji. Mai bayanin ya ce wannan abu Allah ya halicce shi cikin tsoka, ana samunsa a naman shanu, da naman alade, da kifi. Abu uku ya lissafa. Wan mijina ya tsallake na farko, ya tsallake na ƙarshe, ya ɗauki na tsakiya ya rungume.

Shi dillalin shanu ne, ya yi shekaru a kara, kasuwar dabbobi, kuma yana ji da kansa a kan nama. Ya ce ashe alade anka busar anka niƙa anka ba yaro, shi ya sa ya yi ƙarfin da ba na gidan nan ba. Ƙanena ya yi ta rantsuwa ba haka ba ne, amma da anka tambaye shi to da mi anka yi garin, sai ya ce shi dai a shago ya saye shi. Nan fa wan mijina ya samu wuri. Na ji ya buga tafinsa a tabarma.

“In ƙarfin nama ne, mi ya kai mutum ga gari? Abin da ke cikin ɗan cokalin can, ni a zama guda za ni cinye shi a nama halal, in tashi in nemi tuwo. Mu da nama munka yi ƙarfi, ba da ƙazanta ba.”

Da azahar yaron ya shigo cikin gida riƙe da wani ƙaramin kwano, ja, mai tsatsa a gindi, wanda muke ɗebar wa kaji dusa da shi. Ya ajiye a bakin ƙofata. Matar wan mijina, facalata, ita ta faɗa mini, idonta a ƙasa: maigida ya ce daga yau a zuba mishi nasa daban, a cikin wanga, kuma in za a wanke a fara da ƙasa.

Na ce to. Abin da na ce ke nan. Na wanke kwanon, na zuba tuwo, na miƙa.

A ranar ya daina shan garin, ya rufe robar ya tura ƙarƙashin gadona. Ya je ya durƙusa ya ce wa baffansa ya bari. Baffan ya ce ai bari ba ya isa, sai naman da ya yi da abin ya zube tukuna. Makonni sunka wuce, kafaɗar ta ɗan sauka, rigar ta saki. Baffan ya dube shi ya ce da saura. Ba korarsa anka yi ba, da ma korar ce da ta fi sauƙi. Yana zama gindin bedin nan tare da su, amma can gefe, shi da kwanonsa, baƙo ya zo a ce mishi bismilla a farantin gida, ɗan gida yana ci a kwanon kaji. Abokan kokawarsa sunka fara yi mishi gurnanin alade in ya wuce. Mai shayin bakin kasuwa ya ware mishi kofi.

Haka azumi ya same mu. Wanda bai taɓa ganin ɗansa yana buɗa baki shi kaɗai ba, alhali ga ’yan uwansa nan hannu cikin hannu, ba zai gane abin da nake faɗa ba. Ni ma ban gani ba, ji nake yi. Nakan ji ƙarar cokalinsa a gindin kwanon, ƙara ce daban da ta faranti, siririya, kuma ko cikin hayaniyar mutum goma ina tsince ta.

Wata safiya ya tsaya a ƙofar ɗakina, ya juya baya kamar yana kallon awaki, don haka muke magana ni da shi.

“Inna, in anka yi Salla za ni bi motar Agadas. Ana ɗaukar masu haƙa.”

Na san waɗanda sunka tafi haƙar zinari can. Na san uwayensu. Na ce sai yaushe ke nan. Ya ce ba shi da abin da zai dawo yi. Ban ce kada ya tafi ba, don ba a saba in roƙe shi ba. Na ce ya kai wa awaki ruwa.

Ni mai haƙuri ce, kowa ya shaida. Ko muryata ba a cika ji ba a gidan. Amma mutane suna zaton mai haƙuri mantuwa yake yi, ni kuwa ba na mantuwa, ajiyewa nake yi. Na ajiye ranar da wan mijina ya sayar da saniyar marigayi ya ce ta tsufa. Na ajiye ranar da ya ce karatun yaƙi da jahilcin da nake zuwa gantali ne. Duk waɗannan nawa ne, ina iya kwana da su. Kwanon nan kuwa na kasa.

Ina da hawan jini, nakan je asibiti a Isa a auna ni. Da lokacin ya zo na naɗe robar a zane na sa a ƙasan jaka. Akwai wata ma’aikaciya da ta saba da ni, yarinya ce sa’ar ɗiyata, mai yawan dariya. Da ta gama ɗaure mini hannu ta kwance, na ciro robar na ɗora a teburinta, na ce ta faɗa mini gaskiya, alade ne ko ba alade ba ne.

Ta juya robar, ta duba rubutun da hatimin, ta kira wani abokin aikinta mai kula da magunguna, shi ma ya duba. Sannan ta zaunar da ni ta yi mini bayani a hankali, irin yadda malamarmu ta yaƙi da jahilci ke yi. Ta ce abin nan yana cikin tsokar kowace dabba, har da tawa da tata, kuma jikin mutum da kansa yana haɗa kamar giram guda a yini. Aikinsa shi ne taimaka wa tsoka in ana buƙatar ƙarfi na ɗan lokaci, kamar ɗaga abu mai nauyi ko yunƙurin kayar da mutum. Ba ya sa ƙarfi ga wanda ke kwance, sai mai motsa jiki, kuma ko shi ɗan ƙari ne kawai. Yana jawo ruwa cikin tsoka, shi ya sa kafaɗa ke cika. Ta ce mai ciwon ƙoda kada ya taɓa sai likita ya duba shi, ta tambaye ni lafiyar yaron, na ce ƙalau. Garin kuwa a masana’anta ake haɗa shi da sinadarai, ba daga naman wata dabba ake tatso shi ba.

Na ce wannan ba za a yarda da shi a gindin bedinmu ba, don ba wanda ya taɓa ganin masana’antar. Ta yi dariya ta ce to in duba wannan. Ta ɗaga ɗan cokalin. Ta ce cikinsa giram biyar ne, kuma masu sha giram uku zuwa biyar suke sha a yini. Ɗanyen naman shanu, tsoka zalla, kilo guda cur, abin da ke cikinsa bai wuce giram huɗu zuwa biyar ba. Na alade ma kusan haka. Kifi ya danganta, akwai na teku da ya fi nama, akwai wanda bai kai ba. In kuma an dafa, wuta tana lalata wani, wani ya tsere cikin romo.

Na ce ta sake faɗa. Ta sake. Na ce wato cokalin nan guda, kilo guda ne na nama.

“Har da ɗan ƙari, Inna, in dafaffe ne. Kuma sai an sha romon.”

Ta lura fuskata ta canza, ta tambaye ni lafiya. Na ce lafiya lau, jinina ne ya sauka.

A motar komawa na yi ta juya abin. Hanya mai sauƙi tana nan: in je wurin liman in faɗa mishi, ya kira wan mijina gefe ya yi mishi nasiha, a mayar da yaro faranti a hankali, kowa ya yi kamar ba a yi komai ba. Wan mijina ya fita da girmansa, har a ce ya yi adalci. Wannan ce ban so ba. A gaban mutane ya ware mini ɗa, a gaban mutane nake son a biya ni. Kuma maganarsa tana kunnena kamar yanzu ya faɗe ta: a zama guda, in tashi in nemi tuwo.

Tun da ɓarayin daji sunka kore shanun yankinmu, nama ya zama baƙo a tukunyarmu. Amma ƙaramar Salla ba ta wucewa sai an yi watanda: a haɗu a sayi sa guda, a yanka, a kasa kashi-kashi, kowane gida ya ɗauki nasa. Shekarar na sayar da ɗan akuyana na shiga da kashi guda ni kaɗai. Jajibirin Salla na aika wa mahaucin cewa ba na son ƙashi, ba na son kayan ciki, ba na son kitse, ya musanya mini duka da tsokar cinya, ya ɗora a sikelinsa ya ga ta wuce kilo guda da ɗan ƙari. Ya aiko yana tambaya ko baƙi za ni yi daga birni. Na ce baƙo guda ne, amma babba.

Ban taɓa yin girki da natsuwa irin ta rannan ba. Da ina so, da na cika gishiri ko na bar naman da tauri, amma ba na son a ce da mugunta na dafa. Na yanka manya-manya, na sa albasa da citta da kanumfari da ɗan daddawa, na bar shi a wuta har ya yi laushi. Ko yanka guda ban ɗanɗana ba, ban ba kowa ba, don kada awon ya ragu. Ƙamshin ya cika gida. Facalata ta leƙo ta ce wa za a kai wa. Na ce maigidanta.

Ranar Salla bayan an sauko idi, gindin bedinmu cika yake yi. Liman yakan biyo ya ci tuwon Salla a nan, surukai su zo, ƙanena ma yana nan. Na jira. Na ji an fitar da faranti, na ji an ci, na ji wan mijina ya ce a ƙaro miya, anka ƙaro. Na ji siririyar ƙarar nan a gefe. Sai da na ji an fara wanke hannu, sannan na yafa mayafi, na ɗauki kwanon naman mai murfi, na ɗora ɗan cokalin roba cike da gari a kan murfin, na taka zuwa zaure.

Ban fita ba. Na durƙusa daga cikin ƙofa, inda za a ji ni ba a gan ni sosai ba, na tura kwanon waje. Na gai da liman, na gai da baƙi, na yi wa kowa barka da Salla. Duk anka juyo, don ba a taɓa jin muryata a nan ba.

“Yaya, ga gaisuwar Salla. Ka ce abin da ke cikin cokalin nan za ka cinye shi a nama a zama guda. Na tambaya a asibiti, an faɗa mini awonsa, mahauci ya auna. Ga shi nan, halal, daga watandarmu. Na ce kada maganar babba ta faɗi ƙasa.”

Wani daga cikin surukai ya buɗe murfin, sai na ji an yi salati ana dariya. Ƙanena ya ce shi shaida ne, da kunnensa ya ji an yi alkawarin. Wani tsoho abokin wasan wan mijina, Bayarbe mai sayar da kayan keke da ya tsufa a garinmu, ya ce yau za a ga Bagobiri, in ya kasa a ba shi aron ciki.

Da wan mijina ya yi dariya ya ce a raba wa jama’a, da ya tsira, kuma da na koma ɗaki da kunyata. Na san da wannan ƙofar. Amma na zauna gida guda da mutumin tun ina yarinya, na san ba zai bi ta ba. Ya janyo kwanon gabansa, ya naɗe hannun babbar riga, ya ce ɗan wanga ne ake wa surutu.

Farkon ya yi kyau. Yana ci yana ba da labarin yadda ya taɓa cinye cinyar rago a kasuwar Turba. Sannu a hankali labarin ya gajarce, sannan ya tsaya. Turamen haƙoransa na gefe guda sun daɗe da fita, da gefe guda yake tauna, ga tuwon Salla malmala biyu a ƙasa, ga cikin da ya saba da azumi. Ta tsagar ƙofa ina hango wuyansa, gumi na gangarowa cikin sabuwar shadda. Ya nemi ruwa. Ya cire hula. Abokin wasan yana ƙirga mishi loma da ƙarfi, yana cewa saura tudu guda, Sarkin Fawa. Ya sassauta tazugen wando a ɓoye, amma kowa ya gani. Ni dai ina durƙushe, gwiwata ta yi tsami, ban motsa ba. Ban taɓa jin daɗin tsamin gwiwa ba sai rannan.

Ya ci fiye da rabi, wannan kam ba za ni rage mishi ba. Sannan ya tura kwanon da bayan hannu ya ce ya gode, naman ya yi daɗi, sauran a kai wa yara.

Na ce, da muryata ta kullum, “Da romon ne, Yaya. An ce wani yana tserewa cikin romo. Kuma wanga na yau ne kawai. Shi yaron kullum yake shan cokali guda.”

Dariyar da anka yi har facalata ta ji daga madafa. Liman ne ya tsayar da ita. Mutum ne mai son ya gane abu, ya ce in faɗi abin da anka gaya mini a asibiti, na faɗa kamar yadda na ji, ban ƙara ba. Ya tambayi cokali nawa ke cikin robar. Anka ɗauko robar, ƙanena ya karanta ya ce sittin. Liman ya juya ga wan mijina ya ce shi ne masanin dabba a nan, tsoka zalla kilo sittin, ba ƙashi ba kitse, wace irin dabba ce. Wan mijina ya gyara zama, yana numfashi sama-sama. Daga baya ya ce ɗan bijimi ne, ko kusa da haka. Liman ya ce to wane ɗan kasuwa ne zai narkar da tsokar dabba guda sukutum, ko ta alade ko ta sa, don ya cika ’yar robar da ake sa wa a jaka.

Da an tsaya nan da ya isa. Amma akwai guda da na ajiye tun daga Isa.

“Malam, ina da tambaya, ni ba ni da sani. In abin ne da kansa ƙazanta, to Yaya yanzu ya ci fiye da rabin cokali a gabanku. Shi ma a ware mishi kwano? Akwai wani a wurin kaji.”

Wannan karon ba a yi dariya da ƙarfi ba, sai irin wadda ake dannewa da hannun riga. Liman ya yi gyaran murya ya ce abin da Allah ya sa a naman sa da na kifi da jikin ɗan Adam ba ya zama ƙazanta don yana jikin alade ma, in ba haka ba sai a haramta jini da ƙashi da ruwa. Ya kira yaron da sunansa, ya ce ya matso. Ya ce a kawo sauran naman a juye a faranti. Ya kama hannun yaron da nasa ya sa a ciki, ya ɗauki yanka guda ya ci, sannan ya dubi wan mijina ya ce bismilla.

Wan mijina ya sa hannu. Ba shi da wurin ko ƙwayar gero a cikinsa, amma ya sa, ya ɗauki ɗan ƙarami, ya kai baki daga faranti guda da ɗana.

Na tashi na koma ɗaki. Da yamma yaron ya tsaya a ƙofa ya juya baya, ya daɗe yana kallon awaki. Ya ce katangar garken ta zube ta gefe guda, zai gyara kafin damina. Na ce ya kyauta. Maganar Agadas ba ta sake tashi ba. Ya koma shan garinsa da ɗaga gwangwanayensa, kuma da kaka ta zagayo wani ɗan Nijar ya kayar da shi tun a karon farko, ya dawo yana dariya da ƙasa a ƙeya.

Wan mijina kuwa daren Sallar kwana ya yi yana zarya bayan gida, kashegari ko zama bai iya yi ba. Facalata ta zo ta ce cikin ya ƙi komai, ko za ni dama mishi kunu mai ruwa-ruwa, tunda nawa ya fi laushi. Na ce mi zai hana, ai babba ne. Na dama da tsamiya, na tace shi sosai. Sannan na ɗauko jan kwanon nan mai tsatsa a gindi, na wanke shi tas, da ƙasa na fara kamar yadda ya koya mana, na zuba kunun na rufe da faifai.

Ta dubi kwanon, ta dube ni. Sannan ta karɓa da hannu biyu ta kai mishi, kuma kwanon ya dawo ba komai a ciki.